Sanarwar Abincin Mako: Yadda Mai Gidan Abinci Za Ta Rubuta Tsari Ɗaya Ta Riƙa Maimaita Shi

 Yau za mu duba wani ƙaramin aiki da ke shafar tukunyar mai sayar da abinci da aljihun mai saye, wato sanarwar abincin mako.

Mai gidan abinci a bakin tasha ko bakin kasuwa tana ɗora tukunya ne tun kafin ta san mutum nawa za su zo. In ta dafa kaɗan, masu saye su juya wani wuri. In ta dafa da yawa, a zafin Damargu shinkafar rana ba ta kwana lafiya, sai dai a rabar ko a zubar. Sanarwar mako tana rage wannan caca: ana faɗa wa mutane tun ranar Lahadi abin da za a dafa kowace rana, da kuɗinsa, da lokacin da zai sauka, su kuma su yi oda da wuri. Amma fa sai in sanarwar tana zuwa da kamanni ɗaya kowane mako take yin wannan aiki.

Me ya sa sai kamanni ɗaya

Ku duba yadda kasuwa take. Wanda ya saba da ita ba ya tambayar inda ƴan hatsi suke zama ko inda kara take, ƙafarsa ce ke kai shi. In aka wayi gari an sauya wa kowa rumfa, ko ɗan gari sai ya yi dawurwura. Haka sanarwa take. In yau farashi yana farkon layi, mako mai zuwa yana ƙarshe, na gaba kuma an manta da shi, dole mai karatu ya sake koyon sanarwar kowane sati, kuma da yawa ba za su yi ba.

Ga masu ƙarancin karatun boko abin ya fi ma nauyi. Mutumin da ba ya iya karanta dogon rubutu yana iya gane cewa layi na uku shi ne na Laraba, lambar da ke ƙarshensa kuma ita ce kuɗi. Matsayin layin ne yake karantawa. In aka juya jerin, an ƙwace masa wannan hanyar.

Ita ma mai abincin tana samun sauƙi. Ba sai ta zauna ƙirƙirar sabon rubutu ba a daren da ta gaji da wanke-wanke. Tana da ƙwarangwal ɗaya a ajiye, kamar kaskon tuyar waina: ramukan ba sa canzawa, ƙullu ne kawai sabo.

Abubuwa biyar da ke cikin tsarin

Na farko, sunan gidan abincin da inda yake, da alamar da kowa ya sani, kamar "gabas da tasha" ko "kusa da likita". Wannan layi ba ya canzawa.

Na biyu, kwanan wata: daga yaushe zuwa yaushe sanarwar ke aiki. Wannan layin shi aka fi mantawa, kuma shi ya fi haddasa rigima, kamar yadda za mu gani.

Na uku, ranakun mako bakwai a jere, kowace da layinta: rana, abinci, kuɗi. Ko ranar da ba a girki a bar layinta, a rubuta "hutu". In aka goge ta, mai karatu zai ɗauka mantuwa ce, ya zo ya tarar da murhu a sanyaye.

Na huɗu, abin da ake samu kullum, kamar kunu da ƙosai da safe ko fura, da lokacin da abincin rana ke sauka.

Na biyar, yadda ake oda: lambar salula, lokacin da ake rufe karɓar oda, da kuɗin kai abinci gida in ana kaiwa.

Ga misali cikakke. Gidan abincin na ƙage ne, farashin ma don lissafi muka sa shi, kuma mun ɗauki Laraba a matsayin ranar kasuwa don misali kawai. Kowa ya sa ranar da kasuwar garinsa ke ci.

```
*GIDAN ABINCIN INNA* - gabas da tasha
*Mako: Litinin 3 - Lahadi 9 Nuwamba 2025*

Litinin: shinkafa da wake - 300 F
Talata: tuwon hatsi, miyar kuka - 250 F
Laraba (kasuwa): shinkafa da miya da nama - 500 F
Alhamis: dambu da zogale - 300 F
Juma'a: taliya da miya - 400 F
Asabar: tuwon dawa, miyar kuɓewa - 250 F
Lahadi: ɗan wake - 200 F

Kullum da safe: kunu da ƙosai
Abincin rana yana sauka 12:30
Oda kafin 9:00 na safe: XX XX XX XX
Kai abinci cikin gari: 100 F
```

Taurarin da ke gefen layuka biyu na sama suna da aiki: a WhatsApp, duk rubutun da aka sa tsakanin taurari biyu yana fitowa da kauri. A layukan nan biyu kaɗai muka sa su. In aka yi wa kowane layi kauri, babu wanda zai fito fili.

Wadda ke da masu saye a ƙetare ta sa +227 gaban lambarta, domin daga Sabha ko Tamanrasat lambar Nijar mai alƙaluma takwas ba ta shiga sai da shi.

Dala ko sefa: inda ake yawan ɓata

A nan Nijar da baki muna ƙirga kuɗi da dala, a takarda kuma da sefa. Dala ɗaya sefa 5 ce. Dala ashirin 100 F ke nan, dala hamsin 250 F, dala ɗari 500 F, jika kuma 1000 F.

To ku ga abin da ke faruwa in mai abinci ta rubuta "shinkafa da nama 100", tana nufin dala ɗari. Malamin lakkal da ya saba da sefa zai karanta 100 F, ya aiko yaro da dala ashirin. Ɗan uwa a Kano na iya ɗauka naira ce. Mutum uku, farashi uku, daga lamba ɗaya. Yaron da aka aiko shi ke shan faɗa, alhali ba laifinsa.

Dokar da ke kashe wannan matsala gajeriya ce: a rubuce, sefa kawai, kuma kowace lamba da harafin F a bayanta. Da murya, dala kawai, kuma a furta kalmar "dala" ko "jika" kowane lokaci. Kada a gauraya su cikin sanarwa ɗaya, kada kuma a sauya daga mako zuwa mako.

A kuma bayyana mene ne farashin ke saye. In 500 F na faranti ɗaya ne da tsoka biyu, a tsaya a kan haka. Wadda ke da ƙaramin faranti da babba ta rubuta farashi biyu, ƙaramin a farko, a kowane layi: 300 F / 500 F.

Lambar da ke ƙarshen layi daga ina take fitowa

Sanarwa alkawari ce ta kwana bakwai. Da zarar an rubuta 300 F gaban Litinin, an ɗaure kai ke nan. Saboda haka a yi lissafi kafin a rubuta. Mu ɗauki tukunyar shinkafa da wake ta Inna, da farashin misali.

Shinkafa kilo 4 a 600 F kowane, 2400 F. Wake tiya ɗaya, 1000 F. Mai lita ɗaya, 1500 F. Albasa, yaji, magi da gishiri, 600 F. Itace da ruwa, 500 F. Duka 6000 F. In tukunyar na ba da faranti 30, kowane ya ci 200 F. Tana sayarwa 300 F, kuɗin da zai shigo 9000 F, riba 3000 F. Abin lura shi ne sai ta sayar da faranti 20 kafin uwar kuɗinta ta dawo. Ribar duka tana cikin faranti goma na ƙarshe, su ne kuma ke kwantai in ba a yi ciniki ba. Amfanin layin oda ke nan: in kafin tara na safe mutum goma sha biyu sun riga sun kira, ta san ta wuce rabin hanyar mayar da kuɗinta tun ba ta wanke shinkafa ba.

Yanzu a ce mako na gaba shinkafa ta koma 700 F, tiyar wake 1400 F. Kuɗin tukunya ya zama 6800 F. In ta bar farashi a 300 F, riba ta sauko 2200 F, kuma sai ta sayar da faranti 23 kafin ta fita daga hasara. Hanya uku ke gabanta. Ta haƙura da ƙaramar riba na mako ɗaya. Ko ta kai farantin 350 F, wato dala saba'in, amma ta tanadi canjin dala goma-goma, don rashin canji kan cinye ƙarin. Ko kuma ta sauya abincin ranar da wanda kayansa ke da sauƙi a lokacin, kamar tuwon hatsi a kaka, sa'ad da rumbunan Damargu ke cike.

Akwai hanya ta huɗu da wasu ke bi: a bar farashi yadda yake, a rage ludayi a ɓoye. Masu saye na kullum suna ganewa a rana ta farko, kuma daga nan ba sa ƙara yarda da abin da aka rubuta.

Lissafin nan ne ke nuna ranar da ya kamata a rubuta sanarwa: bayan an yi cefane ko an ji farashin kasuwa. Wadda ta rubuta kafin ta san kuɗin wake, ta yi alkawari da ka.

Aikin kowane mako

A ajiye ƙwarangwal ɗin inda ba zai ɓata ba. A WhatsApp mutum na iya aika wa kansa saƙo, to a aika shi can. A kuma kwafe shi a littafi da biro, don salula tana faɗawa ruwa, tana ɓata, caji yana ƙarewa.

Ranar Lahadi da yamma a kwafo shi, a fara da sauya kwanan wata kafin a taɓa komai. Bayan makon 3 zuwa 9 sai na Litinin 10 zuwa Lahadi 16 ga Nuwamba. Sannan a bi layuka bakwai daga sama zuwa ƙasa, a gyara abinci da kuɗi inda suka canza. A karanta da ƙarfi sau ɗaya, ko a ba ɗalibin gida ya karanta, sai a aika. In an ga kuskure bayan aikawa, WhatsApp na ba da minti 15 a gyara saƙo. A salular da ke kan Faransanci ana danne saƙon, a zaɓi `Modifier`. Bayan wannan lokacin sai dai a goge a sake aikawa.

Ba dole a sauya abinci duka kowane mako ba. Gara ma wasu ranaku su zauna daram, mutane su san Litinin ta shinkafa da wake ce, ranar kasuwa ta nama ce. A bar rana biyu ko uku su riƙa juyawa gwargwadon abin da kasuwa ta kawo.

A aika sanarwar a rubuce, kada a ɗauki hoton takarda. Inda rezo ke da rauni, rubutu na shiga yayin da hoto ke tsayawa yana juyi, kuma ba a iya kwafo rubutun cikin hoto a gyara shi cikin sauƙi mako mai zuwa. Hoton abinci na iya biyowa daban, amma ya zama na tukunyar gidan ce. Hoton da aka ɗauko daga wani wuri, da kaji da ganye, alkawari ne da farantin 300 F ba zai cika ba.

Sai batun inda za a sa ta. Abin da aka ɗora a `Statut` yana ɓacewa bayan awa 24, don haka sanarwar Lahadi ba ta kai Talata a can. Wadda ke amfani da shi sai ta sake ɗorawa kowace safiya. A cikin rukuni kuwa ana iya liƙa saƙo a sama da `Épingler`, kuma cikin zaɓin akwai kwana 7, daidai tsawon sanarwar.

Ga wanda ba ya karatu ko ba shi da babbar salula

Da yawa daga cikinmu da kunne muke karɓar labari. To bayan rubutun a bi da saƙon murya, shi ma da jeri ɗaya kowane mako: sallama, sunan gida, kwanan wata, ranaku bakwai, lokacin oda. Misali: "Salamu alaikum, gidan abincin Inna ne, abincin makon uku zuwa tara ga Nuwamba. Litinin shinkafa da wake, dala sittin. Talata tuwon hatsi miyar kuka, dala hamsin." Haka har Lahadi. A yi shi wuri marar hayaniya, nesa da injin niƙa, kada a tsawaita gaisuwa har mai saurare ya kashe kafin a kai Alhamis.

A ƙofar gidan abincin kuma a rataye allo ko kwali da layukan nan. Sunayen ranaku a rubuta su da fenti tunda ba sa canzawa, abinci da kuɗi kuma da alli. Inda masu karanta ajami suka fi yawa, a rubuta da ajami, jerin dai ya zama ɗaya. Wadda ta kawo wa gidan rediyo sanarwa ma wannan takardar za ta miƙa, mai gabatarwa ya karanta ba tare da ya yi ta tambaya ba.

Sharaɗi ɗaya ne: rubutu, murya da allo su faɗi abu ɗaya. In salula ta ce 300 F allo ya ce 350 F, mai saye zai riƙe ƙaramin, kuma yana da gaskiya.

Ƴan uwa na nesa

Akwai masu karanta sanarwar da ba za su ci abincin ba. A ce wani yana aiki a Agadas, mahaifiyarsa na jinya a likita, mai jinyar kuma ba ta da halin girki. Da sanarwar sama a hannunsa, zai tara kuɗin faranti ɗaya na kwana bakwai: 300, 250, 500, 300, 400, 250 da 200, duka 2200 F, wato jika biyu da dala arba'in. Kuɗin kaiwa 100 F sau bakwai, 700 F. Jimla 2900 F, jika uku ba dala ashirin. Ya aiko ta Nita ko Amana ko wata hanyar da suka saba, ya san abin da ya biya, ita ma Inna ta san abin da ke kanta. Zai ma iya cewa ranar Litinin a sauya wa tsohuwa da kunu, tunda ya ga abin da za a dafa.

In sanarwar ba ta da tsari, wannan lissafin sai an yi kira uku ko huɗu, kuma mako na gaba a sake daga farko. Ita kuma mai abincin ta rubuta irin wannan oda a littafi: sunan wanda za a kai wa, ranaku, abin da aka biya, ta riƙa sa alama kowace rana da aka kai. Kuɗin mako da aka karɓa a dunƙule amana ne, sai an kai faranti na bakwai yake zama nata duka.

Yadda za a gane tsarin ya fara lalacewa

Alama ta farko, mutum ya zo da farashin da ya wuce. Saƙo a WhatsApp yana yawo daga hannu zuwa hannu, sanarwar watan kaka na iya faɗowa salular wani a bazara, lokacin da hatsi ya yi tsada. In akwai kwanan wata a layi na biyu, ana nuna masa, magana ta ƙare. In babu, sai musu.

Alama ta biyu, ana yawan kira ana tambayar abin da ya kamata a ce yana cikin sanarwa. In mutum uku sun tambayi "ƙarfe nawa yake sauka?", to layin lokaci ya ɓata ko ya nutse cikin dogon rubutu. A duba ko gaisuwa da hotuna sun yi yawa.

Alama ta uku, abin da aka rubuta ba shi aka dafa ba. Wannan na faruwa: mahauci bai yanka ba, mota ba ta iso da shinkafa ba saboda damina ta ɓata hanya. Maganinsa gajeren saƙo da sassafe, kafin lokacin rufe oda, shi ma da kamanni ɗaya: "GYARA, Laraba 5 Nuwamba: babu nama yau, shinkafa da miya, 350 F." A goge allo a gyara shi a lokacin. In gyara ya kai sau biyu ko uku kowane mako, an yi alkawarin abin da ba a da tabbacin samu ne. A mayar da ranakun kan hatsi, dawa, wake da kuka, waɗanda ke ajiyuwa a ɗaki, a bar nama da ɗanyen kayan miya ga ranar kasuwa da washegarinta.

Da azumi ma ba a rushe tsarin. Layin "abincin rana yana sauka 12:30" ya koma lokacin buɗa-baki, layin kunu da ƙosai ya tashi daga safe ya koma yamma, lokacin rufe oda a matsar da shi zuwa azahar. Sunan gida, kwanan wata, ranaku bakwai da lambar salula suna nan inda aka saba ganinsu.

Mai gidan abincin da ke son gwadawa ta kwafi misalin sama a littafi, ta sa sunanta da alamar wurinta, ta yi lissafin tukunya ɗaya kamar yadda muka yi, sannan ta aika a rana ɗaya da lokaci ɗaya har mako huɗu a jere. Ta riƙa rubuta yawan odar da ta shigo kafin tara na safe da yawan farantin da ya rage da yamma. Lambobin nan biyu za su nuna mata ranar da za ta ƙara mudu da ranar da za ta rage. Allah ya ba da ciniki mai albarka.